Tambayoyin da ɗalibai ke yi kan wasiƙar ƙorafin waya mai matsala a ajin Turanci

Wannan jinga tana yawan fitowa: an ce ka sayi sabuwar waya, ta ba ka matsala, ka rubuta wa manajan kantin wasiƙar ƙorafi da Turanci. Na sha duba irin waɗannan takardu, kuma wuraren da ɗalibai ke tuntuɓe kusan ba sa canzawa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshin da nake bayarwa. Inda na kawo jimlar Turanci, na rubuta ta yadda za ta fito a takardarka.

Malam, wa nake rubuta wa a zahiri, ku ko manajan?

Ni zan ba da maki, amma manajan kake rubuta wa. Idan na ɗauki takardarka, kujerar manaja nake hawa: mutum ne da bai san ka ba, bai ga wayar ba, kuma akwai wasu takardun a gabansa suna jira. Tambaya ɗaya nake yi wa kaina: idan na gama karanta wannan, zan iya kiran ma'aikaci in ce masa ga abin da za a yi? Kafin in iya haka sai na san abin da ka saya da ranar da ka saye shi, abin da ya lalace, abin da ka riga ka yi a kai, da abin da kake so yanzu. Idan ɗaya ya ɓace, wasiƙar ta rame, ko da Turancinta ya kai na gidan rediyo.

Shi ya sa wani lokaci ɗalibin da ya zuba manyan kalmomi yake mamakin ganin wanda ya yi rubutu da ƙananan jimloli ya fi shi maki. Na farkon ya nuna mini ya san kalmomi. Na biyun ya ba manaja abin da zai riƙe.

To ai wayar ba ta gaske ba ce. Daga ina zan samo duk waɗannan bayanai?

Kai za ka ƙirƙira su, kuma ka yi haka kafin ka rubuta kalma ɗaya ta wasiƙar. Fara da karanta tambayar sau biyu, domin wani lokaci an riga an ba ka wasu: an ce wayar ta lalace bayan mako ɗaya, ko an ce ka nemi a mayar maka da kuɗinka. Abin da aka ba ka ba a taɓa shi. Sauran kuwa naka ne.

Ga labarin da zan yi ta komawa kansa har ƙarshe. Ka sayi wayar ranar 3 ga Maris. Ta yi aiki lafiya kwana bakwai. Daga 10 ga Maris ta fara mutuwa da kanta, kullum, a daidai lokacin da batir ke nuna kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma ba ta sake kunnuwa sai an jona ta da caja. Ranar 14 ka koma kantin, wani ma'aikaci ya ce ka goge komai ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Ka yi, ba ta daina ba. Yau 20 ga Maris kana rubuta wasiƙa. Layi biyar ke nan a gefen takarda, amma rabin aikin ya ƙare, domin kowane sakin layi zai ɗebo daga nan.

Wajen zaɓen matsalar a yi hattara. Ka zaɓi wadda laifin kamfani ce, ba taka ba. Garantin waya, wanda galibi na shekara ɗaya ne, yana ɗaukar nauyin lahanin da ya fito daga ƙira: batir da ba ya riƙe caji, bakin caji da ba ya karɓa, allo da ya daina jin yatsa, lasifika da ta yi shiru. Ba ya ɗaukar wayar da ta faɗi ta fashe, ko wadda ta shiga ruwa. Wayoyi da yawa ma suna da wata 'yar alama a ciki da ke komawa ja idan ruwa ya taɓa ta, da ita mai gyara ke gane gaskiya. Na taɓa karanta takardar wani ɗalibi da ya rubuta, da Turanci mai kyau kuwa, cewa wayar ta suɓuce masa cikin bokiti, tun daga ranar ba ta kunnu ba, don haka a ba shi sabuwa. Ya kai ƙarar kansa da hannunsa. Haka nan kada ka ce ka kai ta wurin wani mai gyara ya buɗe ta, domin buɗewar da ba ta wakilin kamfani ba tana iya soke garantin.

Matsala ɗaya ta isa, biyu idan suna da alaƙa. Wanda ya jera bakwai, ga kyamara, ga batir, ga zafi, ga sauti, sai manaja ya fara shakkar labarin gaba ɗaya.

Me ake sawa a saman takarda, kuma ta wane jeri?

Adireshinka da farko. A tsarin da aka fi koyarwa yana saman takarda ta dama, da kwanan wata a ƙarƙashinsa. Sunanka ba ya shiga nan, wurinsa ƙasan wasiƙa. Sai ka sauko ta hagu ka rubuta muƙamin wanda kake aika wa, `The Manager`, da sunan kantin da adireshinsa. Wannan adireshi na biyu shi ne babban abin da ya raba wasiƙar aiki da wasiƙar zumunci, kuma shi aka fi mantawa. Akwai wani tsarin da ake jera komai a hagu, a bar layi ɗaya fili tsakanin sakin layi da sakin layi. Shi ofisoshi suka fi amfani da shi yanzu. Dukansu daidai ne. Ka bi wanda malaminka ya koyar, kuma kada ka haɗa biyun a takarda ɗaya. Haka batun waƙafi a ƙarshen layukan adireshi: ko ka sa a duka, da aya a layin ƙarshe, ko ka bar duka babu.

Kwanan wata ka rubuta sunan watan da haruffa: `20 March 2024`. Idan ka rubuta `3/4/2024`, Baturen Ingila zai karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuma 4 ga Maris, kuma a wasiƙar da duk ƙarfinta yana kan ranaku, wannan ruɗani ba ƙarami ba ne.

Bayan adireshi sai `Dear Sir/Madam,` idan ba ka san sunan manajan ba. Sannan kan magana, layi ɗaya da ke faɗin abin da wasiƙar ta ƙunsa, kamar `Complaint About a Faulty Mobile Phone`. Ko ka rubuta shi duka da manyan baƙaƙe, ko ka ja masa layi. Ba jimla ba ce, don haka babu aya a ƙarshensa.

Ba zan gaishe shi ba? Ina jin kamar rashin ladabi ne in faɗa maganar kai tsaye.

Na san abin da kake ji. Bakinmu ya saba da buɗe takarda da "bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya", kuma hannu yakan so ya juya wannan zuwa Turanci. A wasiƙar aiki ta Turanci ba a yi. `Dear Sir/Madam` ita ce gaisuwar, ta ƙare ke nan. Tambayar lafiyar manaja da ta iyalinsa tana nuna wa mai duba takarda cewa ba ka rarrabe wasiƙar aiki da ta aboki ba, kuma a nan ake rage maki. Ladabin wannan irin wasiƙa yana cikin rashin ɓata wa mutum lokaci da kuma yadda ka roƙi abin da kake so, za mu zo wurin.

To da me zan buɗe?

Da dalilin rubutun, a jimla ta farko. Ga yadda tamu za ta fara:

`I am writing to complain about a mobile phone that I bought from your shop on 3 March 2024.`

Dubi abin da jimla ɗaya ta ɗauko: ƙorafi ne, kan waya ne, a kantinku aka saya, ga rana. Jimla ta biyu ta ƙara samfurin wayar da lambar rasit, ta ce an haɗo kwafin rasit ɗin. Sakin layi na farko ya cika. Kada ka fara labarin matsalar a nan, ka bar wa sakin layi na biyu.

Wani abu da nake jan layi a kansa kusan kowace takarda ta uku: `complain` aikatau ne, `complaint` suna ne. Ana cewa `I am writing to complain`, ana kuma cewa `I wish to make a complaint`. Harafin t ɗin nan ɗaya shi ne bambancin, kuma tunda kalmar tana kan magana da layin farko, ita ce kuskure na farko da ido ke faɗawa a kai.

Yaya zan bayyana matsalar har ta gamsar?

Nan ne zuciyar wasiƙar, nan kuma ya kamata ka fi daɗewa. Yawancin ɗalibai sukan rubuta cewa wayar ba ta da kyau, ba ta aiki, ta ba su kunya. Duk wannan hukunci ne. Manaja ba ya iya aika hukuncinka wurin mai gyara. Abin da yake buƙata shi ne abin da ido ya gani: me wayar take yi, yaushe, sau nawa, a wane hali. Ka tuna yadda kake yi wa likita bayani. Idan ka ce "ba ni da lafiya" kawai, sai ya yi ta tambaya. Idan ka ce kanka ke ciwo ta gefen dama kullum da yamma tun kwana huɗu, ya riga ya fara tunanin magani.

Kwatanta waɗannan biyu. Na farko: `The phone is very bad and it is not working.` Na biyu: `Since 10 March it has switched itself off every day when the battery shows about 40 per cent, and it does not come on again until I connect the charger.` Duk wanda ya san waya, da ya karanta ta biyun hankalinsa zai tafi kan batir, domin batirin da ya yi rauni yakan gaza ba da wutar da ake buƙata alhali allo na nuna da saura. Ba sai ka faɗi haka ba. Gara ma kada ka faɗa: kai mai saye ne, ba injiniya ba, kuma idan ka yanke cewa batir ne aka duba aka ga wani abu ne daban, ka ba su hanyar musu. Faɗi abin da ka gani, ka bar musu gano dalili.

A wannan sakin layi ne kuma ake gane wanda ya iya lokutan aikatau na Turanci, kuma ina zargin saboda haka malamai suke son wannan jinga. Ƙa'idar ba ta da wuya. Abin da ya faru ya wuce a rana sananniya, shuɗaɗɗen lokaci yake ɗauka: `I bought`, `I returned`, `he advised me`. Abin da ya fara a baya yake kuma ci gaba har yau, `has` ko `have` yake ɗauka: `it has switched itself off`. Saboda haka `I have bought it on 3 March` kuskure ne, domin an ambaci rana. Sannan `since` tana tafiya da ranar da abu ya fara, `for` kuma da tsawon lokacin: `since 10 March`, amma `for ten days`. A Hausa "tun" tana iya ɗaukar duka biyun, muna cewa tun ranar Lahadi, muna cewa tun kwana goma, shi ya sa hannu ke zamewa ya rubuta `since ten days`.

Bayan bayanin matsalar sai abin da ka riga ka yi. Ka koma kanti ranar 14, an ba ka shawara, ka bi, ba ta yi amfani ba. Wannan yana toshe amsar da kowane kanti ke fara bayarwa, wato "ka gwada kashe ta ka kunna?" Ka ƙara jimla ɗaya da ke cewa wayar ba ta taɓa faɗuwa ba, ba ta shiga ruwa ba, kuma da cajar da ta zo da ita kake caji. Ka rufe ƙofofi uku ke nan kafin a buɗe su.

Idan kana so ka nuna yadda abin ya cutar da kai, jimla ɗaya ta isa, kuma ta zama takamaimiya: kiran waya ya yanke maka sau biyu kana tsakiyar magana mai muhimmanci. Ba sai ka ba da tarihin yadda ka tara kuɗin ba.

Na ga wasu suna sa wata doguwar lamba ta waya. Dole ne?

Ba dole ba ne a jinga, amma tana ƙara wa wasiƙa kamannin gaske. Sunanta `IMEI`, lamba ce mai alƙaluma 15 da kowace waya ke da tata, ita ke bambanta wayarka da dubban 'yan'uwanta masu samfuri ɗaya. Ana ganinta a jikin kwalin, ko a danna `*#06#` a wurin buga kira ta fito a allo. Wayar da ke cin layi biyu takan nuna guda biyu. A wasiƙar gaske ka sa ta. A cikin aji, inda ake ƙidaya kalmomi da mintoci, lambar rasit ta wadatar. Idan kuwa ka ƙirƙira ta, ƙirga alƙaluman su cika 15.

An cuce ni fa. Ba zan nuna fushina ba?

Za ka nuna, da kalma ɗaya ko biyu. `I am disappointed` ta isa, ko `This is unacceptable for a phone that is less than three weeks old`. Lura cewa jimla ta biyun ma kan hujja ta tsaya: daga 3 zuwa 20 ga Maris kwana 17 ne, bai kai mako uku ba.

Abin da ba a yi shi ne zagi da zargi. Na ga takardun da aka kira mai kanti ɓarawo, aka ce da gangan ya sayar da jabu, aka zuba alamar motsin rai uku-uku a ƙarshen kowace jimla, wasu kalmomin ma da manyan baƙaƙe kamar ana ihu. Ta fuskar maki, an fita daga harshen wasiƙar aiki. Ta fuskar hankali kuma, wanda kake zagi shi ne wanda kake roƙo ya sa hannu a ba ka sabuwar waya. Ba ka kuma da shaidar cewa ya san wayar na da lahani. Mai yiwuwa a rufe cikin kwali ta zo masa kamar yadda ta zo maka.

Turanci yana da wata dabara da ke taimakawa a nan, wato jimlar da ba ta ambaci mai aikatawa ba, kwatankwacin "an ce mini" tamu. `You sold me a bad phone` yatsa ne a ido. `I was advised to reset the phone, but the fault has continued` ta faɗi abin da ya faru ba tare da ta tsokani kowa ba. Amma kada ka wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Wasu sukan cika wasiƙar da ban haƙuri, suna neman gafarar damun manaja, suna roƙo don girman Allah a taimaka musu. Ba alfarma kake nema ba, ka biya kuɗi ka karɓi abin da ba ya aiki.

Me zan ce a yi mini?

Abu uku ne ake nema a irin wannan: a gyara, a canza da wata, ko a mayar da kuɗi. A Turanci `repair`, `replacement`, `refund`. Zaɓi ɗaya ka sa a gaba, ka ajiye na biyu idan na farkon bai yiwu ba. Wasiƙar da ta ƙare da "ina fata za ku yi wani abu a kai" ta bar wa manaja zaɓi, shi kuwa abin da ya fi masa sauƙi zai zaɓa, wanda sau da yawa shi ne shiru.

Wanne ya dace da labarinmu? Wayar da ta fara ciwo kwana bakwai da saye, a ganina canji ya kamata a nema, domin ba ka sayi sabuwa don a buɗe cikinta ba. Da a ce ta yi wata takwas tana aiki sannan ta lalace, gyara a ƙarƙashin garanti ne abin da hankali zai ɗauka, neman kuɗi gaba ɗaya kuwa zai yi kama da zari. Mai duba takarda yana lura da wannan dacewa tsakanin girman matsala da girman buƙata. Ga yadda za a rubuta:

`I would be grateful if you could replace the phone or, if that is not possible, give me a full refund.`

A nan ladabin da ka tambaya ɗazu yake. `I would be grateful if you could` tana da taushi a baki amma buƙatar na nan daram. `I want` da `you must` sun yi kaushi. Sannan ka sa wa'adi: `within fourteen days`. Kwana 14 abu ne da aka saba gani a irin waɗannan wasiƙu, ya ba kanti lokacin dubawa, bai kuma bar maganar a buɗe ba. `As soon as possible` ba wa'adi ba ne, kowa da nasa "da wuri".

Barazana fa? Jimla ɗaya mai sanyi tana halatta, cewa idan ba ka ji komai ba cikin wa'adin za ka kai maganar ga hukumar kare haƙƙin masu saye. Kada ka ambaci sunan wata doka ko sashenta sai ka tabbata da ita, domin dokokin nan sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A wasiƙar farko ma ni nakan fi so a bar barazanar, a ajiye ta don ta biyu.

`Yours faithfully` ko `Yours sincerely`?

Ya danganta da yadda ka buɗe. A tsarin Turancin Ingila, idan ka fara da `Dear Sir/Madam`, da `Yours faithfully,` za ka rufe. Idan ka kira sunan mutumin, sai `Yours sincerely,`. Amurkawa sukan rubuta `Sincerely,` kawai. Harafin Y babba ne, f ko s ƙarami, akwai waƙafi a ƙarshe, kuma babu wata alama tsakanin r da s a `Yours`. Ƙarƙashinta sa hannu, ƙarƙashin sa hannun cikakken sunanka a rubuce yadda za a iya karantawa. Kafin rufewar ana sa `I look forward to hearing from you.` Kula da `hearing`. `to hear` kuskure ne a wannan jimla, kuma yana cikin waɗanda na fi gyarawa.

Idan ka ce ka haɗo kwafin rasit, rubuta `Enc.`, wato gajeren `Enclosure`, abin da aka haɗo da wasiƙa, a can ƙasa ka ambace shi. Kwafi fa, ba na asalin ba. Wanda ya aika rasit ɗinsa na asali ya ba da shaidarsa ɗaya tilo ga wanda yake ƙorafi a kansa.

Akwai kura-kuran da mu masu jin Hausa muka fi yi?

Akwai, kuma wannan jinga kamar da gangan aka tsara ta don ta tono su. Waya a Hausa mace ce: ta mutu, ta ƙi caji, ta yi zafi. Sai ka ga ɗalibi ya fara da `it` lafiya lau, yana zuwa tsakiyar labari, inda ransa ya fara ɓaci, sai `she refused to charge` ta faɗo. A Turanci waya `it` ce daga farko har ƙarshe.

Sai p da f. A bakinmu sautin ɗaya ne, kuma kalmomin da wasiƙar ta dogara a kansu duk suna ɗauke da su: `faulty`, `refund`, `replace`, `repair`, `proof`, `shop`. Na ga `repund`, na ga `reflace`, har `paulty` na gani a kan magana da manyan baƙaƙe an ja masa layi. Idan ka gama rubutu, bi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Ka haɗa da `receipt`, wadda ke da p da ba a furtawa, e kuma tana zuwa kafin i.

Na uku shi ne juya maganar baka kai tsaye. "Tana kashe kanta" takan koma `it is offing itself`, alhali `off` ba aikatau ba ce a nan. `it switches itself off` ake cewa. "Ba ta riƙe caji" kuwa ta yi sa'a, domin Turanci ma yana cewa `it does not hold a charge`.

Zan iya rubuta `don't` da `can't`?

A'a. A wasiƙar aiki a cike ake rubuta su: `do not`, `cannot`, `I am`. Gajerun rubutun saƙon waya kuwa, irin su `pls` da `u`, ko kusa.

Tsawonta fa? Kuma yaya zan duba ta kafin in miƙa?

Idan an faɗi adadin kalmomi, shi za ka bi, kuma a al'ada jikin wasiƙar ake ƙirgawa, ban da adireshi. Idan ba a faɗa ba, sakin layi huɗu a shafi ɗaya sun ɗauke labarinmu: sayen, matsalar, komawa kanti, buƙata da wa'adi. Idan an nemi mai tsawo, ƙara bayani a na biyu da na uku, kamar me ma'aikacin ya ce, me ka gwada, me ya faru washegari. Kada ka cike gurbin da maimaita ɓacin rai.

Wajen dubawa, fara da ranaku, domin su suka fi saɓa wa juna. Na sha ganin wasiƙar da aka rubuta ranar 20 ga wata tana ba da labarin komawa kanti ranar 25, ko wadda ta ce mako biyu a sakin layi na farko, wata biyu a na uku. Ɗora yatsa kan kowace rana ka gwada ta da layukan nan biyar da ka rubuta a gefe. Bayan haka, idan jingar ta gida ce, miƙa wa wanda bai san labarin ba ya karanta sau ɗaya, ka karɓe takardar, ka tambaye shi yaushe aka sayi wayar, me take yi, me kake so, zuwa yaushe. Duk tambayar da ya tsaya yana sosa ƙeya a kanta, sakin layinta za ka koma ka gyara. A ɗakin jarrabawa babu mai karanta maka, sai ka rufe takardar da tafin hannu ka amsa tambayoyin huɗu da kanka, sannan ka buɗe ka ga ko amsoshin suna rubuce a ciki ko a kanka kawai suka tsaya.